Ajiya ta Biyu: Abin da Ambaliya, Gudun Hijira da Yankewar Sabis Suka Koya wa Gabashin Sakkwato

A watan Satumba na 2010 Gulbin Rima ya cika ya batse. Ruwa ya shanye ƙauyuka da gonaki a ƙasar Goronyo da makwabtanta, ya gangaro har ya karya gadar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a Ƙaramar Hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka kwarara garin Gandi da abin da ke jikinsu kawai. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, domin a toshe wa 'yan bindigar hanyar magana da juna.

Asarar rayuka da dukiya da aka yi a waɗannan lokuta ta fi ƙarfin wannan shafi. Abin da nake so mu duba ƙarami ne a ido, amma yana biyo bayan kowace irin wannan masifa: ina takardun mutane suka shiga? Ruwa yana cin takardar da ke cikin adaka. Gudu yana raba mutum da ɗaki da waya gaba ɗaya, kuma sanannen abu ne cewa waya na cikin abin da ake fara ƙwacewa a hanya. Yankewar sabis kuwa ba ta taɓa takarda ko waya, amma tana rufe wa mutum ƙofar duk abin da ya ajiye a intanet har sai ranar da aka dawo da layi. Masifu uku ke nan, kowace da ma'ajiyar da take hallakawa. Mutumin Maikujera, ko na Wurno, ko na Goronyo, ya ga ukun duka a yankinsa cikin shekara goma sha ɗaya.

Wannan ne ya sa nake ganin shawarar da aka saba bayarwa, wato "ka kunna ajiya ta kai-tsaye a wayarka ka huta", ba ta isa ba a irin ƙasarmu. An tsara ta ne don mutumin da wayarsa ke kwana a jikin caji, a gidan da ke da intanet marar yankewa. A wurinmu ajiyar kai-tsaye takan tsaya shiru ba tare da ta faɗa wa kowa ba, sai ranar da waya ta ɓace sannan a gane cewa rabonta da aiki wata takwas. Maganin wannan shi ne mutum ya ware rana guda a mako, ya sa wa wayarsa ƙararrawa, ya duba da idonsa, ya kwafa da hannunsa.

Kafin a kai ga ƙararrawa, sai an fahimci me ake nufi da wuri na biyu, domin nan ne mafi yawan mutane ke yaudarar kansu. Manomi ya san wannan tun kaka da kakanni: ba a gina rumbu manne da madafa, kuma mai hankali kan kai wani ɓangare na iri gidan ɗan'uwa. Wuri na biyu shi ne wurin da abin da ya sami na farko ba zai same shi ba a lokaci guda. Katin memori da ke cikin waya bai cika wannan sharaɗi ba, domin ɓarawon da ya zare wayar a tasha ya tafi da shi. Filas ɗin da ke cikin aljihun jakar da takardun asali suke ciki ma bai cika ba. Tura hoto ga matarka ta WhatsApp ya fi babu, amma in kuna ɗaki ɗaya ruwa ya shigo da dare, wayoyin biyu ƙaddararsu ɗaya. Tambayar da za a yi wa kowace ma'ajiya guda ce: me zai iya cinye wannan da wancan a dare ɗaya? In akwai amsa mai sauƙi, to ajiya ɗaya ce aka raba biyu.

Ba kuma duk abin da ke cikin waya ne ya cancanci wahala iri ɗaya ba. Akwai takardun da hukuma ke da kwafinsu, sai dai a sha wuya kafin a samu. Hukumar shirya jarrabawa ta WAEC ba ta sake buga takardar shaida ga wanda ya ɓatar da tasa, sai dai ta ba shi takardar tabbatar da sakamako, ko da yake tun 2022 ta buɗe hanyar samun shaidar ta intanet ga waɗanda suka yi jarrabawa daga 1999 zuwa yau. Ko a nan ana buƙatar lambar jarrabawa da shekarar da aka yi ta, waɗanda mutum kan manta, kuma suna rubuce ne a jikin takardar da ta ɓata. Haka takardar haihuwa, da ta shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da ta kammala hidimar ƙasa, da takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma, waɗanda ma'aikaci ba ya sanin darajarsu sai ranar tantancewa ko ranar neman fansho. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance sababbin ɗalibai ya ga yadda yaro mai hazaƙa kan rasa mako biyu yana zirga-zirga tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu don neman takardar rantsuwa, alhali hoton takardar da ta ɓace da ya rage masa rabin tafiyar.

Sai kashi na biyu, wanda ya fi damuna. Su ne takardun da babu kwafinsu a ko'ina a duniya: takardar cinikin gona ko ta jingina da aka rubuta da hannu a gaban hakimi ko mai gari, wani lokaci da ajami, shaidu suka dangwala; takardar rabon gado; littafin bashi na mai shago; rasit ɗin injin ban-ruwa ko na babur; hoton mahaifin da ya rasu, wanda shi ke nan guda ɗaya. A yankin da fadama ke da daraja irin ta Wurno da Goronyo, takardar gona ɗaya na iya zama abin da zai raba gardama tsakanin jikoki bayan duk shaidun sun kwanta dama. Hoto ba ya maye gurbin takardar asali, kada wani ya ɗauka haka. Amma Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar gabatar da kwafi idan an tabbatar wa kotu cewa ta asalin ta ɓata ko ta lalace, ta kuma yarda da shaidar da ta fito daga na'ura bisa sharuɗɗa. Ko ba a je kotu ba, hoton da ke nuna sunayen shaidu da kwanan wata da iyakokin gona yana ba dattawa abin kamawa.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce malamin firamare ne a Maikujera, yana kuma noman albasa da rani. Wayarsa ɗaya daga cikin irin waɗanda suka cika kasuwanninmu ce, Tecno ko Infinix ko itel, mai ɗaukar gigabait 64. A cikinta akwai hotuna kamar 3,000. Hoto guda na irin wannan waya kan ci megabait biyu zuwa huɗu, mu ce uku, wato gigabait 9 ke nan. Akwai bidiyo na wa'azi da na biki da na barkwanci da suka kai gigabait 20, mafi yawansu daga zaurukan WhatsApp. Takardunsa masu muhimmanci kuwa, in aka haɗa nasa da na iyalinsa, ba su wuce shafi 25 ba, kuma in aka ɗauke su da kyau duka ba za su kai megabait 20 ba.

A lura da wannan lissafi. Abin da rayuwarsa ta rataya a kai bai kai nauyin bidiyon barkwanci guda ɗaya ba. Amma asusun Google na kyauta gigabait 15 ne kacal, kuma Gmail da Google Drive da Google Photos duk daga cikinsa suke ci. Tun ranar 1 ga Yuni 2021 Google ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, daga farkon 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga cikin wannan lissafi. Mai iPhone nasa ya fi ƙanƙanta, gigabait 5 a iCloud. Saboda haka in malamin nan ya kunna komai ya tafi, bidiyo zai cika rumbun, ajiya ta tsaya, kuma daga ranar ko imel ba zai ƙara shigo masa ba. Ɗaliban da ke jiran saƙon makaranta ko na neman aiki su kula da wannan.

Aikin farko, wanda ake yi sau ɗaya, shi ne na takardu. Ya shimfiɗa kowace a kan tabarma ko tebur da hasken rana, ba da tocila ba, ya buɗe Google Drive, ya taɓa alamar + ya zaɓi Scan. Manhajar za ta daidaita gefen takardar ta mayar da ita fayil na PDF. Ya ɗauki gaba da baya in akwai rubutu ko hatimi a bayan, sannan ya faɗaɗa hoton ya tabbata ana iya karanta lambobi da sa hannu. Ya ba kowane fayil suna mai ma'ana da shekara, kamar "gonar fadama 2014", maimakon jerin lambobin da waya ke laƙaba masa, ya tara su a folda ɗaya. Wanda ya fi son tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp ya tura a matsayin Document, domin in aka tura a matsayin hoto manhajar kan matse shi har ƙananan rubutu su dushe.

Aiki na biyu shi ne gyara Google Photos, kuma a nan ne ramuka suke. Na farko, manhajar a yadda take zuwa tana jiran Wi-Fi ne kafin ta ɗora hoto, abin da mutumin ƙauye kan yi wata bai gani ba. Sai an shiga Photos settings, a shiga Backup, a nemi Mobile data usage a ba ta izinin amfani da data. Na biyu, foldar kyamara kaɗai take ɗauka. Hotunan da aka turo maka ta WhatsApp da waɗanda ka sauko da su suna wasu foldoji dabam, sai ka shiga Back up device folders ka kunna waɗanda kake so. Ba na ba da shawarar a kunna foldar WhatsApp gaba ɗaya, domin za ta kwashi duk gaisuwar Juma'a da hotunan 'yan siyasa ta cika maka wuri. Gara a zaɓi masu amfani a ɗora su da hannu. Na uku, fayilolin PDF ba ruwan Google Photos da su, sai Drive. Na huɗu, wayoyin nan namu suna da tsarin tattalin batir da na data da kan dakatar da manhajar da ke aiki a ɓoye, shi ya sa ajiya kan ci gaba ne kawai idan an buɗe manhajar an bar ta a buɗe. In ya zaɓi Storage saver, za a ɗan matse hotunan, gigabait 9 ɗinsa su ragu sosai ba tare da ido ya ga wani bambanci a fuskar waya ba. Wannan ɗorawa ta farko tana cin data mai yawa, don haka ya bari sai ranar da ya shiga Rabah ko Sakkwato, ko ya sayi datar dare mai rahusa.

Akwai wani abu da ya kamata kowa ya riƙe game da Google Photos: madubi ne na wayarka. In ka goge hoto a cikin manhajar, ya goge a waya da intanet duka, ya koma kwandon shara na 'yan makonni sannan ya tafi har abada. Yaron da ya ɗauki wayar babansa yana wasa zai iya share kwafi biyun da yatsa ɗaya. Wanda ke neman wuri a wayarsa ya yi amfani da Free up space, wadda ke cire abin da aka riga aka ɗora kaɗai daga wayar ta bar na intanet. Amma daga lokacin kwafi ɗaya ya rage, an koma gidan jiya. Wannan, tare da abin da muka gani a 2021, shi ne dalilin da ya sa intanet ita kaɗai ba ta isa zama wuri na biyu ba.

Saboda haka malaminmu yana buƙatar ma'ajiyar da ake riƙewa a hannu. Mafi sauƙi shi ne filas mai bakin da ke shiga waya kai-tsaye, ko filas na kwamfuta tare da ɗan mahaɗin da ake kira OTG. A wasu wayoyin sai an kunna OTG a cikin Settings kafin su gane shi. Ana buɗe manhajar fayiloli, a zaɓi folda, a taɓa Copy, ba Move ba, domin ta biyun ɗauke abin take yi daga waya ta bar ka da kwafi ɗaya. A nan ma akwai tarko. Kasuwa cike take da jabun memori da filas da aka rubuta musu gigabait 64 ko 128 alhali cikinsu bai wuce 8 ba. Suna karɓar duk abin da aka zuba musu, sunayen fayiloli su bayyana lafiya lau, amma da an wuce ainihin girmansu sai abin da aka zuba ya lalace. Alamar farko ita ce arhar da ta wuce hankali. Gwajin kuwa shi ne a cika sabon filas da bidiyo har ya kusa cika, a cire, a mayar, a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In wasu sun ƙi buɗuwa, a mayar wa mai shi. Ko na gaske ma ba ya son zafi da laima, kuma ba a yi shi don a binne shekara biyar ba a taɓa ba, don haka kada a bar shi a ƙarƙashin kwano ko a cikin akwatin babur.

To, ina ƙararrawar ta shigo? Duk abin da na lissafa a sama aikin yini guda ne. Abin da ke kashe ajiya shi ne abin da ke biyo baya: data ta ƙare ranar Talata, wuri ya cika, an sabunta manhaja wani saiti ya koma yadda yake, an sayi sabuwar gona ba a ɗauki takardarta ba. Tazarar da ke tsakanin ajiya da ajiya ita ce gwargwadon abin da mutum ya yarda ya rasa. Mai yi duk wata ya yarda ya rasa aikin wata, kuma abin kan taru masa. Malaminmu yana ɗaukar hotuna kamar 40 a mako, wato megabait 120, abin da ƙaramar data za ta ɗauka cikin 'yan mintuna in sabis na da kyau. In ya bari wata guda sun doshi megabait 500, sai ya ce bari sai an yi albashi, daga nan kuma an shiga sai gobe. Mai sa tunatarwa kullum kuwa ba ya kai kwana goma sai yatsansa ya koyi kashe ta ba tare da ya karanta ba. Mako ya dace da yadda rayuwarmu take tafiya, domin da ma da Juma'a da ranar kasuwa muke ƙirga kwanaki.

Zaɓen ranar ya fi zaɓen manhajar muhimmanci. A sa ta a ranar da aka san za a sami abubuwa uku tare: cikakken caji, sabis mai ƙarfi, da zama na minti ashirin. Ga wani ranar kasuwa ce bayan ya gama ciniki, kamar Lahadi ga mai cin kasuwar Goronyo. Ga wani Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Ga ɗalibi daren da yake sayen data ne. Na fi son ƙararrawar agogon waya a kan kalanda, domin ba ta buƙatar sabis kuma ƙararta ba ta ɓuya a cikin tarin saƙonni. A buɗe Clock, a ƙara sabon Alarm, a wajen Repeat a zaɓi rana guda, a wajen Label a rubuta aikin da kansa, kamar "duba kwanan ajiya, kwafa a filas". Kalma ɗaya irin "ajiya" ba ta tayar da kowa daga zaune. Wanda ya fi son Google Calendar ya sauya Does not repeat zuwa Every week. In ƙararrawa ta kaɗa a lokacin da ba hali, kada a kashe ta, a matsar da ita zuwa dare.

Idan ta kaɗa, malamin zai fara ne da tambayar kansa ko wata sabuwar takarda ta shigo hannunsa a makon, rasit ko takardar asibiti ko sakamakon yaro, ya ɗauke ta nan take. Sannan ya buɗe Google Photos ya taɓa hotonsa da ke sama, ya karanta abin da aka rubuta. In ya ga Backup complete, madalla. In ya ga ana jiran Wi-Fi, ko an ce wuri ya cika, ko an nuna adadin hotunan da suka rage, ya san inda matsala take. Daga nan ya shiga WhatsApp, Settings, Chats, Chat backup, ya dubi kwanan watan ajiya ta ƙarshe, ya tabbata Include videos a kashe yake, ya taɓa Back up. A ƙarshe ya soka filas ya kwafi sababbin abubuwa, ya buɗe biyu ko uku daga cikin filas ɗin ya gani da idonsa. Wannan buɗewa ita ce zuciyar aikin. Ajiyar da ba a taɓa buɗewa ba zato ce kawai.

Filas ɗin da ake kwafa a kansa duk mako dole yana kusa, wato a gida, sai dai a raba masa ɗaki da takardun asali. Domin cika sharaɗin nisa, ana iya samun na biyu mai ɗauke da foldar takardu kawai, a bar shi wurin ɗan'uwa amintacce a Sakkwato ko wani gari, a sabunta shi duk lokacin da aka je. Tunda takardun ba su wuce shafi 25 ba, a buga su a kan takarda ma a haɗa masa, domin takarda ba ta buƙatar caji. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, suka iso gare mu ta hanyar almajiran da suka yi ta kwafarsu da hannu suna kai su garuruwa dabam-dabam.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi kayar da mutane: mabuɗi. Yawancin masu waya a karkara ba su ne suka buɗe asusun Google ɗinsu ba. Mai shagon da ya sayar da wayar, ko wani yaro a wurin caji, shi ya ƙirƙiri adireshi da kalmar sirri a gurguje don a samu a sauko da WhatsApp, mai waya bai rubuta ba, shi ma yaron ya manta. Irin wannan mutum zai iya yin shekara uku hotunansa na hawa lafiya, ranar da waya ta ɓata ya tarar rumbu cike amma ba shi da makulli. Ko wanda ya san kalmarsa ma, in ya zo shiga daga sabuwar waya Google kan aika lambar tabbatarwa zuwa tsohuwar wayar ko layin da ke cikinta, wato abin da aka sace. Dawo da ajiyar WhatsApp kuma sai da lambar waya ɗaya da asusun Google ɗaya da aka yi ta da su. Dawo da layi yana buƙatar lambar NIN, ita kuma hanyar duba ta da *346# tana aiki ne a kan layin da aka yi rajista da shi, haka *565*0# ta BVN. Sai mutum ya tsinci kansa yana zagaye: layi na neman lamba, lamba na neman layi.

Ana warware wannan ne tun wayar na hannu, ba a fafe gora ranar tafiya. A shiga Manage your Google Account, a ɓangaren Security, a sauya kalmar sirri zuwa wadda mai waya kaɗai ya sani, a sa lambar wani na jiki a matsayin Recovery phone, ba layi na biyu da ke cikin wayar guda ba. Wanda ya kunna 2-Step Verification ya nemi Backup codes, lambobi goma ne da kowace ke buɗe asusu sau ɗaya ba tare da waya ba. A rubuta su a takarda tare da adireshin imel da kalmar sirri da lambar NIN, a sa a ambulan a liƙe, a ajiye inda ba waya. Haka wanda ya kulle ajiyar WhatsApp ɗinsa da End-to-end encrypted backup: in ya manta kalmar da ya sa, kamfanin da kansa ba zai iya buɗe masa ba. Sau ɗaya a wata biyu ko uku, a ranar ƙararrawa, a gwada shiga drive.google.com daga wata na'ura ta wanda aka amince da shi, a ga ko takardun na nan, sannan a fita daga asusun kafin a miƙa masa abarsa.

Amana tana da muhimmanci a nan, domin abin da aka tara wuri guda ya fi daɗin sata. Folda mai ɗauke da takardar NIN da bayanan banki da hotunan iyali ba abin da za a miƙa wa mai shagon tura waƙoƙi ba ne a ce ya kwafa a dawo anjima. Mata musamman su yi kwafinsu da hannunsu, ko a gabansu. Wanda kuma ya ɓoye hotuna a Locked Folder ya sani cewa ba sa hawa intanet sai ya kunna musu ajiya ta musamman, don haka su ne farkon abin da ke tafiya da waya.

Ambulan ɗin nan yana da wani amfani da ba a cika son ambata ba. Tun Disamba 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, kamfanonin waya kuma kan sake sayar da lambar layin da ya daɗe ba ya aiki. Magidancin da ya rasu ya bar hotunan takardun gonakinsa a asusun da shi kaɗai ya san hanyarsa, magadansa suna da ƙayyadadden lokaci kafin ƙofar ta rufe, kuma galibi ba su ma san da ita ba. Saboda haka mutum guda a cikin iyali, mata ko babban ɗa ko ƙane, ya kamata ya san inda ambulan yake da abin da ke ciki, kuma duk ranar da aka sauya kalmar sirri a buɗe shi a gyara takardar a sake liƙewa.